Mene ne jadawalin aukuwar al'amura a shari'a, kuma yaya ake tsara shi?

Idan lauya ya ce a haɗa masa jadawalin aukuwar al'amura, wanda a ofis ake kira kuronoloji, abin da yake so shi ne tebur guda da zai nuna abin da ya faru, da ranar da ya faru, da shafin takardar da ta tabbatar da shi, an jera su daga na farko zuwa na ƙarshe. Mutane da yawa suna rikita shi da jerin takardu, alhali aikinsu daban ne. Jerin takardu yana faɗin abin da ke cikin fayil. Jadawali kuwa yana faɗin abin da ya faru a zahiri, takardun shaidunsa ne kawai. Wasiƙa guda tana iya haifar da layi huɗu a jadawali, wata kuma ba za ta haifar da ko ɗaya ba.

Kafin a karanta komai, a sa wa kowane shafi lamba, daga 1 har ƙarshe, a yadda damin takardun ya zo hannu, har da bayan takarda idan akwai rubutu ko hatimi a jiki. A ɗauki hoton damin ko a yi kwafi, a ajiye na asali, a yi aiki da kwafin, a kansa za a sa lambobin. Kada a yi rubutu a kan na asali, kuma kada a cire fil ɗin da ya haɗa wasiƙa da abin da aka maƙala mata, domin wannan haɗin shi kansa shaida ne cewa tare aka aiko su. Wanda ya fara da warwatsa takardu a ƙasa yana jera su bisa kwanan watan da ke samansu ya riga ya ɓata wannan shaidar, kuma ba za ta dawo ba.

Teburin gida biyar ya ishe shi: kwanan wata, abin da ya faru, shafin da aka samo shi, ko an yarda da shi ko ana jayayya, sai gidan tsokaci. Ƙa'idar ita ce layi ɗaya, lamari ɗaya, kuma babu layin da zai zauna ba tare da lambar shafi ba.

Inda aikin yake da wuya shi ne gidan farko, don takarda ɗaya tana ɗauke da ranaku iri-iri: ranar da abin ya faru, ranar da aka rubuta, ranar da aka aika, da ranar da aka karɓa. Mu ɗauki misali na ƙirƙira. Wani ya sayi injin ban ruwa daga wani kamfani. Yarjejeniyarsu ta ce idan injin ya nuna matsala, mai saye zai sanar a rubuce cikin kwana 14 daga ranar da aka kai masa kaya. Injin ya tsaya, kamfanin ya ce sanarwar ta zo a makare. Damin da aka kawo shafi 80 ne, a cakuɗe.

A shafi na 12 akwai takardar neman biyan kuɗi mai kwanan watan 2 ga Maris 2023. Mai gaggawa zai rubuta cewa ranar aka kai injin, ya ƙirga kwana 14, ya tsaya a 16 ga Maris. Amma takardar neman kuɗi ba ta shaidar kai kaya. Takardar karɓar kaya tana shafi na 47, mai saye ya sa mata hannu ranar 9 ga Maris. Idan aka fara ƙirga daga washegari, wa'adin yana cika ranar 23 ga Maris. Mako guda ke nan tsakanin lissafin biyu, kuma a cikin wannan makon rikicin yake.

Sai wasiƙar ƙorafi a shafi na 30. A samanta an rubuta 20 ga Maris. Rasit ɗin kamfanin kai saƙo, a shafi na 31, ya nuna an miƙa ta ranar 22 ga Maris. Wani kwafin wasiƙar a shafi na 66 yana ɗauke da hatimin kamfanin mai sayarwa: an karɓa 27 ga Maris. Waɗannan layi uku ne daban, kowanne da shafinsa. Idan aka dunƙule su a layi guda aka ce "20 ga Maris: an sanar da kamfani", an binne ainihin tambayar da shari'ar za ta tsaya a kai, wato shin sanarwa tana cika ne ranar da aka aika, wadda ke cikin wa'adi, ko ranar da aka karɓa, wadda ta wuce shi da kwana huɗu. Amsar tana cikin lafazin yarjejeniyar da dokar da ta shafe ta, kuma ba aikin jadawali ba ne ya yanke. Aikinsa ya sa tambayar a fili yadda ba wanda zai tsallake ta.

A lura da shafi na 66 ɗin nan. Da an ɗauke shi maimaicin shafi na 30 an jefar, da hatimin ya tafi. Takardu biyu ba maimaici ba ne sai an ɗora su gefe da gefe an ga babu bambancin hatimi, sa hannu, rubutun biro a gefe, ko adadin shafuka.

Wasiƙar ƙorafin ta ƙunshi layi na huɗu. A cikinta mai saye ya ce injin ya tsaya "ranar Talatar da ta wuce". A nan sai an buɗe kalandar 2023, ba a yi da ka. 20 ga Maris Litinin ce, don haka Talatar ita ce 14 ga Maris. A shigar da tsayawar injin a ƙarƙashin 14 ga Maris, amma a rubuta a gidan tsokaci cewa lissafo ranar aka yi daga wasiƙar, ba a takarda aka gan ta ba. Mai karanta jadawali yana da haƙƙin ya san ranar da aka gani da ido da wadda aka ciro da lissafi, domin ta biyun ce lauyan ɗaya ɓangaren zai fara taɓawa.

Amsar kamfanin tana shafi na 5, an rubuta mata 04/03/2023. Wanda ya saba fara rubuta rana zai karanta 4 ga Maris, wanda ya saba da tsarin Amurka na fara rubuta wata zai karanta 3 ga Afrilu. Cikin wasiƙar ne yake raba gardama: tana amsa ƙorafin 20 ga Maris, saboda haka ba za ta riga shi zuwa duniya ba. 3 ga Afrilu ce, kuma Litinin ce, ranar aiki, alhali 4 ga Maris Asabar ce. Don kauce wa wannan ruɗani a teburin kansa, a rubuta kowace rana da shekara a gaba, sai wata, sai rana, kamar 2023-04-03, wanda shi ne tsarin ISO 8601. Ko kwamfuta ta ɗauke shi a matsayin rubutu zalla, zai jeru daidai. Idan kuwa aka buga 04/03/2023 a Excel, yadda zai fassara shi ya dogara da saitin yankin da ke kan kwamfutar, kuma ba zai tambayi kowa ba.

Takardar da ba ta da kwanan wata ba a ƙirƙira mata, ba a kuma tura ta ƙarshen tebur a manta. Ana nemo mata iyaka biyu. Rahoton makanikin kamfanin a shafi na 6 da na 7 ba shi da rana, amma ya ambaci wasiƙar 20 ga Maris, kuma maƙale yake da amsar 3 ga Afrilu. To an rubuta shi tsakanin ranakun nan biyu, haka za a shigar da shi. Ana iya ƙarawa a tsokaci cewa mai yiwuwa bai riga 27 ga Maris ba, tunda ranar hatimi ya ce wasiƙar ta isa. Amma wannan hasashe ne da ya jingina da hatimin kamfanin, kuma idan wata takarda ta nuna makanikin ya rubuta rahotonsa kafin ranar, to hatimin ne zai shiga tuhuma. Ranar da kwamfuta take nunawa a jikin fayil ɗin da aka ɗauki hotonsa ba ta taimaka a nan, yawanci ranar ɗaukar hoton ce ko ranar da aka kwafe shi.

Saƙonnin imel suna da nasu tarkon. Idan aka buga doguwar musaya a takarda, sabon saƙo ne a sama, tsofaffin suna ƙasa, kuma ido yakan tsaya a na saman. A misalinmu shafi na 58 yana ɗauke da saƙon watan Mayu, amma a can ƙasansa akwai wani na 15 ga Maris, inda mai saye ya rubuta wa ma'aikacin kamfanin cewa injin ya tsaya jiya. Wannan ɗan saƙon ya yi aiki biyu. Ya ƙarfafa 14 ga Maris daga wata majiya daban, kuma ya taso da sabuwar tambaya: ko imel ya isa sanarwa a rubuce a ƙarƙashin yarjejeniyar? Idan ya isa, maganar hatimin 27 ga Maris ta rage nauyi ƙwarai. Shi ya sa kowane saƙo a cikin musaya yake samun layinsa, da lokacinsa. Idan mai aikawa da mai karɓa ba a yankin agogo ɗaya suke ba, saƙon da aka aika dab da tsakar dare yana iya fitowa da ranaku biyu a kwafi biyu, sai a rubuta agogon da aka bi.

Wani lokaci majiyoyi suna cin karo. A ce mai saye ya ba da bayanin shaida a 2024, ya ce injin ya tsaya 10 ga Maris. Kada a zaɓi wadda ta fi daɗi a share ɗayar. A sa layi biyu, na 10 da na 14, kowanne ya nuna ɗan'uwansa, a yi musu alamar jayayya. Kotuna sukan fi ba da nauyi ga takardar da aka rubuta a lokacin da abin ya faru a kan abin da mutum ya tuno bayan shekara, kuma gara lauya ya ga saɓanin nan a ofis da ya ji shi a bakin abokin hamayya lokacin da ake yi wa shaidarsa tambayoyi.

Lafazin gida na biyu ma yana buƙatar kamewa. A rubuta "kamfanin ya ce makanikinsa bai sami matsala a injin ba", kada a rubuta "injin lafiyarsa ƙalau", kada kuma a rubuta "kamfanin ya yi ƙarya". Abin da wasiƙa ta tabbatar shi ne an faɗi magana a rana kaza. Gaskiyar maganar wani batu ne. Jadawalin da za a miƙa wa kotu ko ɗaya ɓangaren ana cire masa gidan tsokaci gaba ɗaya, domin a nan tunanin lauya yake.

Bayan an gama, a karanta teburin daga sama zuwa ƙasa ana neman giɓi. Amsar 3 ga Afrilu ta ambaci wayar da aka yi ranar 16 ga Maris, amma babu takardar da ta rubuta abin da aka ce. A ba wa wayar layinta, majiyarta shafi na 5, a kuma sa ta a jerin abubuwan da za a nema: bayanan kira daga wayar mai saye, da duk abin da ma'aikacin ya rubuta a ranar. Sannan a yi binciken baya, daga shafi na 1 zuwa na 80, a tabbatar kowane shafi ko dai ya fito a tebur, ko an rubuta dalilin barinsa.