Dokokin gas da sikelin kelvin

Dokokin gas ƙa'idoji ne na kimiyya da ke nuna yadda abubuwa uku suke canzawa tare a cikin iskar gas: matsi (P), girman wurin da gas ɗin ya cika (V), da zafinsa (T). Muddin adadin gas ɗin bai ƙaru ba kuma bai ragu ba, ana iya haɗa su a lissafi guda:

P₁V₁/T₁ = P₂V₂/T₂

Lamba 1 tana nufin halin da gas yake ciki da farko, lamba 2 kuma halin da ya koma. Wannan lissafi yana da sharaɗin da ba a tsallakewa: dole T ya kasance a kelvin, dole kuma P ya kasance cikakken matsi, wato wanda ya haɗa har da matsin sararin samaniya.

Tarihi

Robert Boyle ne ya wallafa dangantakar matsi da girma a shekarar 1662. Ya kulle iska a gajeren ɓangaren wani bututun gilashi mai lanƙwasa, ya riƙa zuba zaiba ta dogon ɓangaren, sai ya ga duk lokacin da matsi ya ninka, girman iskar yakan koma rabi. Edme Mariotte na Faransa ya kai ga irin wannan sakamako a cikin shekarun 1670, shi ya sa a wasu ƙasashe ake jingina dokar da sunansa.

Batun zafi ya fi ɗaukar lokaci. Tun wajajen 1700 Guillaume Amontons ya lura cewa matsin iskar da aka kulle yana hawa idan an ɗumama ta. An ce Jacques Charles ya gano kumburar gas da zafi a wajajen 1787, amma bai wallafa komai ba. Joseph Louis Gay-Lussac ne ya fitar da aikin a 1802, ya kuma ambaci Charles. A awonsa, gas yana ƙaruwa da kimanin kashi 1 cikin 267 na girman da yake da shi a 0 °C, a kowane digiri ɗaya. Awon da aka yi daga baya ya gyara adadin zuwa kusan kashi 1 cikin 273. Har yanzu littattafai sun saɓa kan sunan wa ya kamata a ba dokar matsi da zafi, wasu Amontons, wasu Gay-Lussac.

A 1834 Émile Clapeyron ya dunƙule dokokin wuri guda. A 1848 kuma William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya kawo sikelin zafi mai farawa daga sifili na haƙiƙa. An tsayar da sunan kelvin da alamar K a 1967, aka kuma cire kalmar digiri daga gabansa. Tun 2019 ana fayyace kelvin ne ta hanyar tsayayyen adadin Boltzmann.

Dalilin komawa kelvin

Sifilin sikelin Salshiyas an ɗora shi ne a kan daskarewar ruwa, wanda babu ruwan gas da shi. Idan aka zana girman gas daura da zafinsa, matsi bai canza ba, layin yakan fito miƙaƙƙe, kuma in aka ci gaba da jan sa ƙasa zai taɓa sifili a −273.15 °C. Daga nan kelvin yake fara ƙirga:

T(K) = t(°C) + 273.15

Tazarar digiri ɗaya daidai take da tazarar kelvin ɗaya, mafarin ne kawai ya bambanta. To amma dokokin gas raba zafi ɗaya da wani suke yi, kuma a wajen rabawa mafari shi ne komai. Daga 10 °C zuwa 20 °C mutum zai ɗauka zafi ya ninka. A kelvin kuwa daga 283.15 ne zuwa 293.15, ƙarin kimanin kashi 3.5 cikin ɗari kawai, kuma gwargwadon haka gas ɗin zai kumbura idan matsi bai canza ba. Wanda ya sa 0 °C kai tsaye a matsayin T₁ zai tarar yana rabawa da sifili, wanda ya sa −23 °C kuma zai sami girma ƙasa da sifili, abin da ba ya yiwuwa. Ainihin −23 °C kusan 250 K ne.

A yawancin tambayoyin makaranta 273 ya wadatar. Ana buƙatar 273.15 ne idan sauran alƙaluman sun kai lambobi huɗu ko fiye.

Misali na farko

An kulle gas mai girman lita 2.50 a cikin silinda mai fistin, a matsin 100 kPa da zafin 27 °C. Sai aka danna fistin har matsi ya kai 150 kPa, aka kuma ɗumama gas ɗin zuwa 127 °C. Mene ne sabon girmansa?

Tun kafin a taɓa lissafin ake juya zafi: T₁ = 300 K, T₂ = 400 K. Daga nan a ware abin da ake nema a gefe guda:

V₂ = V₁ × (P₁/P₂) × (T₂/T₁)

V₂ = 2.50 × (100/150) × (400/300) = 2.22

Amsa ita ce lita 2.22. Rubuta lissafin a wannan siga ya fi tara lambobi sama da ƙasa a dunƙule, domin kowane ɓangare ana iya auna shi da hankali. Ƙarin matsi yana takura gas, don haka ɓangaren matsi dole ya gaza 1, kuma 100/150 ya gaza. Ƙarin zafi yana kumbura shi, don haka ɓangaren zafi dole ya haura 1. Idan ɗaya ya fito a kife, nan take za a gane. Da an bar zafin a Salshiyas, 127/27 zai ba da kusan 4.7, amsar kuma ta zama lita 7.84, fiye da ninki uku na gaskiya. Alamar wannan kuskure ke nan: ɗan canjin zafi ya haifar da canjin girma mai ban mamaki.

Matsin da agogon awo yake nunawa

Yawancin agogon awon matsi, kamar na taya, yana nuna sifili ne a buɗaɗɗiyar iska. Abin da yake karantawa shi ne rarar da ke bisa matsin sararin samaniya, wato kimanin 101.3 kPa a daidai gaɓar teku. Wannan ma matsalar mafari ce, irin ta Salshiyas.

A ɗauki taya da agogo ya nuna 220 kPa a 20 °C, sannan iskar cikinta ta yi zafi zuwa 50 °C, a ƙaddara girmanta bai canza ba. Cikakken matsin farko shi ne 220 + 101.3 = 321.3 kPa. Zafin kuma 293.15 K ne da 323.15 K. Tunda V ɗaya ne a ɓangarorin biyu, sai ya fita:

P₂ = 321.3 × (323.15/293.15) = 354.2 kPa

A cire 101.3 don a koma abin da agogo zai nuna, sai a sami kimanin 253 kPa. Wanda ya yi aiki da 220 kai tsaye zai sami wajen 243 kPa. Wannan kuskuren ya fi na kelvin wuyar kamawa, saboda amsar ba ta yi nisan da za ta tayar da zargi ba.

Raka'o'i

A haɗaɗɗen lissafin, kowace raka'ar matsi ko girma tana aiki, in dai iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu. A lissafin PV = nRT kuwa, inda n yake adadin gas a mol, R kuma tsayayyen adadin gas, sai raka'o'in sun dace da R: idan R = 8.314 J/(mol·K), kPa yana tafiya da lita; idan R = 0.0821, atm ne da lita.

Iyaka

Dokokin sun ɗauka cewa ƙwayoyin gas ba su da girman kansu kuma ba sa jan juna. A matsi da zafi na yau da kullum wannan ya yi kusa da gaskiya, amma a matsi mai tsanani, ko dab da inda gas zai koma ruwa, lissafin yakan kauce, sai a koma ga gyare-gyare irin wanda Johannes van der Waals ya kawo a 1873. Haka kuma idan akwai yoyo, ko tururin ruwa ya koma ɗigo a jikin kwano yayin sanyaya, adadin gas ya canza, kuma P₁V₁/T₁ ba zai ƙara yin daidai da P₂V₂/T₂ ba.