Nawa kowane guda ya faɗo maka? Lissafin sari idan farashi yana sauyawa

'Yan uwa 'yan kasuwa, idan kaya iri ɗaya ya shigo shago a kan farashi daban-daban, sai ya gauraya a kan kanta, har mai shi ya kasa bambance na makon jiya da na wannan makon. Daga nan tambaya take tasowa: nawa kowane guda ya faɗo? A zagayen da muke yi, amsar da muka fi ji ita ce a tara farashin sarin duka a raba da yawan zuwa sari. Wannan lissafin yana ɓoye asara.

Mu ɗauki mutum ɗaya. Makon farko ya saro guda 20, kowane a kan 400, ya biya 8,000. Mako na biyu kaya ya ɗan tashi, ya saro 30 a kan 440, ya biya 13,200. Mako na uku ya ga farashi na ta hawa, sai ya cika hannu, ya ɗauki 50 a kan 540, ya biya 27,000. A ce bai sayar da ko ɗaya ba tukuna.

Idan ya tara 400 da 440 da 540 ya raba gida uku, zai samu 460. Sai ya sa wa kayan kuɗi 475, yana ganin ribar 15 a kowane guda. Amma sarin nan uku ba nauyinsu ɗaya ba, domin rabin kayan da ke shagon a kan 540 aka saye su. Abin da ya kamata ya tara shi ne kuɗin da ya fita daga aljihunsa: 8,000 da 13,200 da 27,000, wato 48,200. Sai ya raba da yawan kayan, guda 100. Kowane guda ya faɗo masa 482. Ashe a 475 ɗin nan faɗuwar 7 yake yi, in kayan ya ƙare 700 ta tafi, shi kuwa yana murnar ciniki.

Akwai hanyar gane kuskure ko ba a sake lissafi ba. Matsakaicin farashi dole ya faɗa tsakanin mafi araha da mafi tsada, kuma yana karkata ne wajen sarin da ya fi yawa. Idan babban sarinka shi ne mai tsada, amsarka kuma ta tsaya tsakiya cak, to da matsala.

Inda har masu riƙe littafi suke tuntuɓe shi ne bayan an fara sayarwa. A ce mutumin namu ya sayar da 70, saura 30. Mako na huɗu ya ƙaro 30 a kan 560, ya biya 16,800. Wani zai haɗa duk kuɗin da aka kashe tun farko, 65,000, ya raba da 130, ya samu 500. Amma guda 70 daga ciki sun riga sun bar shago, ba su da sauran hurumi a lissafin yau. Abin da ke ƙasa kawai ake dubawa. Ragowar 30 a kan 482 sun kama 14,460, a haɗa da 16,800 na sabon sari, ya zama 31,260, a raba da guda 60 da ke nan. Amsar 521 ce. Saboda haka duk ranar da sabon kaya zai shigo, a fara ƙirga ragowar tsohon kafin a gauraya su.

Kuɗin mota da na dako su ma a zuba su cikin kuɗin sarin da suka shafa kafin a raba. Abin da ya fashe ko ya lalace a hanya kuwa a cire shi daga yawan kaya, kuɗinsa ya zauna a lissafi, tunda an biya.

Sai dai a kula, 521 yana faɗa maka abin da ka kashe ne, bai faɗa maka abin da za ka tarar gobe a wurin sari ba. Idan ka sayar a 540, littafi zai nuna ribar 19, kuma gaskiya ne. Amma in sari na nan a 560, kuɗin guda 60 ɗin, wato 32,400, guda 57 kawai zai saro maka da ɗan canji. Ni a ganina, lokacin da farashi ke hawa, kafin ka yanka wa kaya kuɗi ka ajiye lamba biyu a gabanka, matsakaicin da ka lissafa da farashin sari na yau, ka ɗora ribarka a kan wanda ya fi girma gwargwadon yadda masu saye za su iya ɗauka.