Kuɗin Ruwan Babban Banki: Yaya Yake Taɓa Farashin Kaya?

Na ji an ce Babban Bankin Najeriya ya ƙara kuɗin ruwa a 2024 don rage tsadar kaya. Ni da ban taɓa cin bashin banki ba, ina ruwana?

Ruwanka na nan, sai dai ta bayan gida yake zuwa. Adadin da kwamitin Babban Bankin ke yankewa shi ne ma'aunin da sauran bankuna ke dubawa kafin su sa nasu. A farkon 2024 yana kashi 18.75 cikin ɗari, zuwa Nuwamban shekarar ya kai 27.5.

A ce ga mai injin casar shinkafa a Kano da ke karɓar rancen naira miliyan 100 duk kaka don sayen shanshera. Idan banki na cajinsa kashi 22, miliyan 22 zai ɗora a shekara. Aka mayar da shi kashi 30, ya zama miliyan 30. Miliyan takwas ɗin nan ta isa ta sa ya rage sayayya, ya fasa ƙaro inji. Irinsa dubu suka ja baya, masu rububin kaya sun ragu, mai sayarwa kuma ba ya iya tsawwala farashi yadda ya ga dama. Masu kuɗi su ma sai su gwammace su zuba su a takardun lamunin gwamnati maimakon farautar dala, naira ta ɗan samu sa'ida.

To me ya sa abinci bai sauko ba a lokacin?

Nan ne maganin ke da iyaka, kuma abin na damuna. Kuɗin ruwa masu saye yake ragewa, ba ya ƙara ko buhu ɗaya na masara. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, duk da ƙarin da aka yi ta yi. Cire tallafin fetur a 2023, faɗuwar naira, da manoman da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, babu wanda tsadar bashi ke warkarwa kai tsaye. Ga kuma ɗimbin 'yan kasuwarmu da adashi da bashin 'yan'uwa ke riƙe da su, wasu ma suna gudun banki saboda riba. Tasirin kan ɗauki watanni kafin ya bayyana, kuma ko ya yi aiki, gudun tashin farashin ne ke raguwa, ba lallai kaya su koma yadda suke a da ba.

Yaushe ake rage kuɗin ruwan?

Idan kasuwa ta yi sanyi, ana sallamar ma'aikata. A 2020, lokacin korona, an sauke shi daga kashi 13.5 zuwa 11.5 don bashi ya yi sauƙi, masana'antu su motsa.