Daidaiton iska da jini a cikin huhu

Daidaiton iska da jini shi ne yadda iskar da ke shiga jakunkunan iska na huhu, wato alfiyoli, take tafiya kafaɗa da kafaɗa da jinin da ke ratsa siraran jijiyoyin da suka kewaye su. Ana rubuta shi V/Q, inda V ke nufin yawan iskar da ke isa alfiyoli a minti ɗaya, Q kuma yawan jinin da ke bi ta wurin a minti ɗaya. Baligi mai lafiya da ke hutawa yana kai iska kimanin lita 4 cikin alfiyoli a minti, zuciyarsa kuma tana turo jini kimanin lita 5, saboda haka V/Q na huhu gaba ɗaya yana wajen 0.8. Sai dai wannan adadi na jimla yana iya yaudarar mutum. Da a ce duk iskar za ta shiga huhun dama, duk jinin kuma ya bi ta na hagu, lissafin zai ci gaba da nuna 0.8, alhali babu musayar da za ta faru. Abin lura shi ne V/Q na kowane ɗan yanki. Rashin daidaito tsakanin yankuna shi ne sanadin da ya fi yawan kawo ƙarancin oksijin a jinin masu ciwon huhu.

Iyakoki biyu

Idan hanyar iska ta toshe amma jini yana wucewa, V/Q ya zama sifili. Jinin zai fita yadda ya shigo, da matsin oksijin na kimanin 40 mmHg, wato ma'aunin matsi na milimita mekuri, da na CO2, iskar da jiki ke fitarwa, kimanin 45. Wannan shi ake kira shant. Idan kuwa jijiyar jini ce ta toshe iska tana shiga, V/Q ya haura ba iyaka, kuma iskar da ke cikin jakar ta koma kamar wadda aka shaƙa: oksijin 150, CO2 kusan sifili. Wannan shi ne mataccen gurbi. Yanki mai lafiya yana tsakiya, da oksijin kimanin 100 da CO2 kimanin 40. A 1949 Riley da Cournand suka nuna cewa ana iya ɗaukar huhu tamkar an yi shi da waɗannan sassa uku kawai, kuma har yau da wannan tsari ake lissafi a gefen gadon majinyaci.

Huhu mai lafiya ma ba ɗaya yake ba

Idan mutum yana tsaye, nauyin huhu yana sa matsin da ke kewaye da shi ya kai wajen −10 cmH2O, wato santimita na ruwa, a sama, a ƙasa kuma −2.5. Alfiyolin sama sun riga sun buɗe sosai tun kafin a ja numfashi, don haka ba sa ƙara faɗi da yawa. Na ƙasa su suka fi karɓar sabuwar iska. Jini ma ya fi yawa a ƙasa, domin matsakaicin matsin babbar jijiyar huhu 15 mmHg ne kacal, da ƙyar yake kai jini can ƙololuwa. Amma bambancin jini tsakanin sama da ƙasa ya fi na iska girma nesa ba kusa ba. Shi ya sa a alƙaluman John West, V/Q ya kai kusan 3.3 a saman huhu, ya sauka zuwa kusan 0.6 a ƙasansa. Matsin oksijin na alfiyoli yana wajen 132 a sama da 89 a ƙasa. An daɗe ana danganta yadda tarin fuka ke son saman huhu da wannan yalwar oksijin, ko da yake ƙarancin jini da na ruwan limf a wurin ma suna da hannu.

A 1964 West da abokan aikinsa suka kasa huhu shiyya uku bisa matsin alfiyoli da na jijiyar da ke kawo jini da na wadda ke mayar da shi zuciya. Shiyya ta farko ita ce mai jan hankalin likita: matsin alfiyoli ya fi na jini, sai siraran jijiyoyi su matse. Mai lafiya kusan ba shi da ita, tana bayyana ne idan an zubar da jini mai yawa ko an ɗora mutum a kan injin numfashi mai tura iska da ƙarfi. Nauyi ba shi ne duka labarin ba, domin gwaje-gwajen da aka yi wa 'yan sama jannati sun nuna cewa wani rashin daidaito yana nan ko babu nauyi, saboda yanayin rassan jijiyoyi da na hanyoyin iska.

Yadda huhu ke gyara kansa

A sauran sassan jiki, ƙarancin oksijin yana buɗe jijiyoyi. A huhu akasin haka ne. Idan matsin oksijin na alfiyoli ya faɗi, musamman ƙasa da 70 mmHg, ƙananan jijiyoyin yankin sukan tsuke cikin 'yan daƙiƙoƙi, jini ya karkata zuwa inda iska take. Von Euler da Liljestrand ne suka bayyana wannan a 1946 bayan gwaji a kan kyanwoyi. Ƙofofin fotasiyam na tsokar jijiyar ne ke rufewa, kalsiyam ya shiga, tsoka ta ɗaure. Dabarar tana aiki idan yanki kaɗan ne ya lalace. Idan huhu duka ne ke fama da ƙarancin oksijin, kamar a kan dogayen tsaunuka ko a daɗaɗɗen ciwon huhu, jijiyoyi duka sukan tsuke, matsi ya hau, ɓangaren dama na zuciya ya gaji.

Dalilin da ya sa oksijin ya fi shan wahala

Rashin daidaito yana hana shigar oksijin, yana kuma hana fitar CO2. Duk da haka galibin majinyata sukan zo da oksijin a ƙasa, CO2 kuwa daidai ko ma ya ragu. Dalili yana cikin yadda jini ke ɗaukar iskokin biyu. Da zarar CO2 ya fara hawa, cibiyar numfashi takan ƙara numfashi, kuma ƙarin iskar yakan tafi yankunan da dama suke a buɗe. Yawan CO2 a jini yana sauka kusan daidai da saukar matsinsa, don haka yanki mai yawan iska yana iya fitar da rabonsa har ya biya wa maƙwabcinsa. Oksijin ba haka yake ba. A matsin 100, himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya riga ya cika kashi 97 cikin 100. Ko an kai matsin 130, abin da zai ƙaru bai taka kara ya karya ba, kamar tulun da ya cika ne ake ta ƙara masa ruwa. Ga shi kuma idan jini biyu suka haɗu, adadin oksijin da ke cikinsu ake haɗawa, ba matsinsu ba. Yankin da ya yi rarar iska ba zai iya cike giɓin wanda ya rasa ba.

Misali: nimoniya ta cika sashe guda

A ɗauka majinyaci ne mai himogulobin giram 15 a desilita, yana shaƙar iskar ɗaki a wuri mai daidai da gaɓar teku. Gwajin jinin da ya fito daga huhunsa ya nuna matsin oksijin, wato PaO2, 55, matsin CO2 kuma, wato PaCO2, 32. Da farko a nemo matsin oksijin da ya kamata a samu a alfiyoli, wato PAO2, inda FiO2 ke nufin kason oksijin a iskar da ake shaƙa, PB matsin sararin samaniya, 47 matsin tururin ruwa, 0.8 kuma rabon CO2 da jiki ke fitarwa bisa oksijin da yake sha:

```
PAO2 = FiO2 × (PB − 47) − PaCO2/0.8
PAO2 = 0.21 × (760 − 47) − 32/0.8 = 110
```

Tazara tsakanin alfiyoli da jini ta zama 55, alhali a matashi mai lafiya ba ta cika wuce 15 ba. Wannan ya nuna cewa matsalar ba ƙarancin numfashi ba ce, domin da ita ce da CO2 ya hau, tazarar kuma ta tsaya yadda take. A kula da 760 ɗin nan: a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, matsin sararin samaniya yana wajen 660, kuma wanda ya manta ya canza shi zai ƙirƙiro tazarar da babu ita.

Yanzu sai a auna yawan jinin da ya wuce bai gamu da iska ba. Kowane giram na himogulobin yana ɗaukar mililita 1.34 na oksijin. Idan an haɗa da ɗan oksijin da ya narke a ruwan jini, jinin da ya bar alfiyoli masu lafiya, wato CcO2, yana ɗauke da kusan mililita 20.1 a desilita. Na majinyacin, wato CaO2, wanda himogulobinsa ya cika kashi 88, yana da 17.9. Idan jiki yana cire mililita 5, jinin da ke dawowa, wato CvO2, yana da 12.9. Qs/Qt shi ne kason jinin da ya wuce bai gamu da iska ba.

```
Qs/Qt = (CcO2 − CaO2) / (CcO2 − CvO2)
Qs/Qt = (20.1 − 17.9) / (20.1 − 12.9) ≈ 0.3
```

Kusan kashi 30 cikin 100 ke nan. Lissafin bai faɗi ko shant ne na gaskiya ko yankuna ne masu ƙarancin iska ba. Tsantsar oksijin ce ke raba gardama. Idan hanyar iska a ƙuntace take kawai, kamar a asma, oksijin zai kori naitirojin daga jakar ko da a hankali ne, PaO2 ya haura ɗaruruwa. Idan jakar cike take da ruwa da mugunya, oksijin ba zai taɓa isa ga jinin ba. A wannan misali PAO2 zai kai kusan 680, amma duk abin da alfiyoli masu lafiya za su ƙara shi ne oksijin da ya narke a ruwan jini, kusan mililita 2. PaO2 zai tsaya a wajen 100 maimakon ya wuce 600. Ƙarin yana da amfani ga majinyaci, amma maganin shant shi ne buɗe alfiyoli ko karkatar da jini daga gare su. Shi ya sa ake kwantar da baligi mai ciwo a huhu ɗaya ta ɓangaren huhunsa mai lafiya, jini ya gangara can, sai fa idan ana tsoron jini ko mugunya su kwarara cikinsa.

Toshewar jijiya da haɗarin oksijin mai yawa

Idan gudan jini ya toshe jijiyar huhu, mataccen gurbi ne ke ƙaruwa. Rabonsa a kowane numfashi, wanda a mai lafiya yake kusan kashi ɗaya cikin uku, yakan hau, CO2 na ƙarshen fitar numfashi kuma ya faɗi ƙasa da na jini sosai. Mataccen gurbi shi kaɗai ba ya rage oksijin. Abin da ke rage shi shi ne jinin da aka tare ya kwarara cikin sauran yankuna ya fi ƙarfin iskarsu, ga kuma raguwar abin da zuciya ke turawa.

A masu daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin numfashi, oksijin mai yawa yana iya sa CO2 ya hau. An daɗe ana koyar da cewa numfashin ne ke raguwa, amma ma'aunai sun nuna raguwar ba ta isa ta bayyana hawan ba. Babban dalili shi ne oksijin yana kwance tsukewar jijiyoyi a yankuna marasa iska, jini ya koma can ya bar masu iska, mataccen gurbi ya ƙaru. Himogulobin da ya cika da oksijin kuma yakan saki CO2 da yake riƙe da shi. Saboda haka ba a hana su oksijin, ana dai auna shi ne yadda cikar jininsu za ta tsaya tsakanin kashi 88 zuwa 92.