Kwana nawa kuɗinka ke kwana a hannun masu ɗaukar kaya bashi?

Ni dila ne a kasuwar Singa, ina raba taliya da man girki da sabulu ga masu shaguna. Akanta ya ce DSO ɗina, wato matsakaicin kwanakin da kuɗina ke yi a hannun masu ɗaukar kaya bashi, ya kai 45, wai shi ya sa kullum ina ciniki amma asusu ba kuɗi. Daga ina ya samo wannan lamba?

Daga littafinka ya samo ta, Alhaji, kuma kai ma za ka iya fitar da ita da kalkuletar wayarka. Abu uku ake buƙata: jimillar bashin da kake bin mutane a ranar da aka rufe lissafi, jimillar kayan da ka bayar bashi a tsawon lokacin, da yawan kwanakin lokacin.

```
DSO = (bashin da ake bi ÷ cinikin bashi) × kwanaki
```

Mu ƙaddara daga Janairu zuwa ƙarshen Maris na 2025, kwana 90 ke nan, ka sayar da kayan naira miliyan 60. A ciki miliyan 24 kuɗi hannu ne, miliyan 36 kuma bashi. Ranar 31 ga Maris da aka tattara duk inbois ɗin da ba a biya ba, sai aka tarar kana bin miliyan 18. Raba 18 da 36, ka sami rabi. Rabin kwana 90 shi ne 45.

Ma'anarta a kasuwance ita ce, kowace rana kana fitar da kayan bashi na kusan naira dubu 400, kuma cinikin kwana 45 cur yana waje bai dawo ba. Idan sati uku ka saba ba mutane, wato kwana 21, to ana riƙe maka kuɗi sama da ninki biyu na wa'adin da kuka yi. Duk kwana ɗaya da ka rage a lambar, dubu 400 ce ta dawo asusu. Ka sauko daga 45 zuwa 30, miliyan 6 ke nan, ba ka ci bashin banki ba, ba ka ƙara sayar da ko katan ɗaya ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne a raba da jimillar ciniki gaba ɗaya, har da na kuɗi hannu. A misalinmu hakan zai ba da kwana 27, mutum ya saki jiki yana ganin lafiya lau. Wanda ya biya nan take ai bai taɓa riƙe maka kuɗi ba, don haka kada ka bari ya rufa wa masu jinkiri asiri.

Ni dai kowane inbois ina rubuta ranar da aka ɗauki kaya da ranar da aka biya. Ba zan iya lissafawa daga nan kai tsaye ba?

Za ka iya, kuma ni na fi son wannan hanya, don ita ce ke nuna maka fuskokin mutane. Sai dai akwai tarko a ciki.

Ɗauki inbois huɗu. Na farko miliyan 5, an biya bayan kwana 60. Na biyu dubu 500, kwana 10. Na uku shi ma dubu 500, kwana 14. Na huɗu miliyan 2, kwana 30. Idan ka haɗa kwanakin ka raba huɗu za ka sami 28 da rabi, kuma wannan lamba ƙarya ce, domin ta ɗauki mai dubu 500 daidai da mai miliyan 5. Abin da ya kamata shi ne kowane inbois a ninka kuɗinsa da kwanakinsa, a haɗa su duka, sannan a raba da jimillar kuɗin. A nan haɗin ya kama miliyan 372, jimillar kuɗin kuma miliyan 8, amsa kwana 46 da rabi. Mutum ɗaya ne ya ja lambar sama, kuma kana ganinsa ƙiri-ƙiri.

Idan yaronka yana shigar da lissafi a Excel, kuɗi a layin B, ranar inbois a C, ranar biya a D, wannan ya isa:

```
=SUMPRODUCT(B2:B200,D2:D200-C2:C200)/SUM(B2:B200)
```

Tarkon shi ne waɗanda ba su biya ba tukuna. Idan aka bar su a waje, mafi munin masu cin bashinka ba za su taɓa shiga lissafin ba, tunda ba su da ranar biya. Idan kuma aka bar gurbin ranar babu komai alhali akwai kuɗi a layin, lissafin zai fito da shirme. A cike gurbin da kwanan watan ranar da ake lissafin, a yi wa layin alama da wani launi.

Lambar tana hawa da sauka ko da halin masu biya bai canza ba. Me ke kawo haka?

Yawanci kakar ciniki ce. Azumin 2025 a watan Maris ya faɗo, kuma kowa ya san yadda kayan masarufi ke tafiya a lokacin. A ce miliyan 36 ɗin nan ta kasu haka: Janairu 9, Fabrairu 12, Maris 15. Galibin bashin da ke waje sabo ne, na Maris, amma lissafin farko ya auna shi da matsakaicin wata uku, sai ya kumbura lambar.

Maganinsa a ƙirga da baya-baya. Kana bin miliyan 18. Cire cinikin Maris duka, miliyan 15, ka rubuta kwana 31. Saura miliyan 3, wadda ita ce kashi ɗaya bisa huɗu na cinikin Fabrairu, kuma kashi ɗaya bisa huɗu na kwana 28 kwana 7 ne. Jimilla 38. Ka ga lamarin bai kai munin 45 ba, amma har yanzu ya zarce sati uku da nisa. Idan ciniki ya ja baya bayan salla, akasin haka ke faruwa: lissafin farko sai ya nuna lambar ta sauka alhali ba wanda ya gyara hali. Ka zaɓi hanya ɗaya ka riƙe ta kowane wata, kada ka gwada ta wannan wata da ta wancan idan ba iri ɗaya aka lissafa su ba.

Akwai kuma dattin littafi. Mai shago ya tura kuɗi ta asusun ƙaninsa ko ta wurin mai POS, alat ya shigo ba suna, ba a san inbois ɗin da za a soke ba, sai ya ci gaba da zama bashi a takarda. Kayan da aka dawo da su ba a rage ba, haka. Idan kana sayar wa manyan kamfanoni ko ma'aikatu, sukan cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe kafin su biya, sai ɗan ragowar ya maƙale a littafi shekara da shekaru kamar bashi. Ta ɗaya ɓangaren, ranar da ka yafe wani tsohon bashi ka goge shi, lambar za ta faɗi, amma ko kwabo bai shigo ba.

To yaya zan sauko da ita ba tare da na kori masu sayen kayana ba?

Fara da jera bashin bisa tsufansa kafin ka kira kowa. A miliyan 18 ɗin nan, a ce 10 wa'adinsu bai cika ba, waɗannan ba ruwanka da su yanzu. Takwas ne suka wuce lokaci, kuma na ci amanar idan ka duba za ka tarar kaso mafi tsoka yana hannun mutum biyu ko uku. Su ne aikin. Yaronka ya wuni yana bin masu dubu hamsin-hamsin a waya, lambar ba za ta motsa ba.

Sannan ka duba naka gidan, don wani jinkirin daga wurinka yake. Na taɓa duba littafin wani dila, mota ta sauke kaya ran Litinin, amma inbois ba ya isa hannun mai shago sai Juma'a idan yaron ofis ya samu sukuni. Mai shagon kuwa daga ranar da takarda ta zo yake fara ƙirga sati ukunsa. Kwana huɗu ke nan kyauta a kowane ciniki. Takarda ta bi mota, wanda ya karɓi kaya ya sa hannu a kan adadi nan take, a ɗauki hotonta a tura masa ta waya. Wannan sa hannun shi ke kashe zancen "ai katan biyu ba su cika ba" da ake tayar da shi sai ranar biya. A jikin takardar a rubuta ainihin ranar biya, 22 ga wata misali, da lambar asusu, da roƙon a saka lambar inbois idan za a tura kuɗi. "Sai kasuwa ta yi kyau" ba wa'adi ba ne.

Tunatarwa kuma kafin ranar biya ake yinta, kwana uku kafin wa'adi, cikin gaisuwa da mutunci. Mai shago yana da dilolin da yake ɗaukar kaya a wurinsu da yawa, kuma idan kuɗi ya taru wanda ya tuna masa shi yake fara sallama.

Abin da ya fi ƙarfi, kuma ya fi wuya, shi ne iyaka. Kowane mai ɗauka a sa masa adadin da ba zai wuce ba, kuma wanda ke da inbois da ya wuce lokaci ba a loda masa sabon kaya sai ya rage tsohon. Na san nauyin da ke ciki, wani tun zamanin mahaifinka yake ɗaukar kaya. Shi ya sa ya fi kyau dokar ta zama ta shago, a sanar da kowa rana ɗaya, kada ta zama kamar an ware mutum. Ga wanda miliyan 5 ta yi masa nauyi a dunƙule, ku yanka ta kashi-kashi duk ranar da ya san yana tara ciniki, ka rubuta, ya sa hannu. Idan kuma kana ba yaran talla kamasho, ka ɗaura shi a kan kuɗin da ya shigo. Muddin a kan kayan da suka fita ake biyansu, za su ci gaba da tura kaya ga wanda ba ya biya.

An ba ni shawara in rage kashi 2 cikin ɗari ga wanda ya biya da wuri. Ya kake gani?

Yana aiki, amma ya fi yadda ake zato tsada. Idan wa'adinka kwana 21 ne ka ce wanda ya biya cikin kwana 7 ya cire kashi 2, to a inbois na miliyan ɗaya ka ba da dubu 20 don kuɗinka ya riga zuwa da kwana 14 kacal. A shekara wannan ya haura kashi 50 cikin ɗari. Ga dilan kayan masarufi da ribarsa a katan ba ta taka kara ta karya ba, zai iya cinye rabin ribar. Kuma masu karɓar rangwamen galibi su ne waɗanda dama suke biya a kan lokaci, masu jinkirin suna nan inda suke.

Ta fuskar addini, ɗora ƙarin kuɗi a kan wanda ya makara riba ce, ba sai an faɗa ba. Rage bashi don a gaggauta biya kuwa malamai sun yi saɓani a kansa, sai ka tuntuɓi malaminka da ainihin yadda za ku tsara shi. Abin da jumhurun malamai suka halatta shi ne farashi biyu tun kafin a ƙulla ciniki, na kuɗi hannu daban, na bashi daban, mai saye ya zaɓi ɗaya a rubuta shi a takarda kafin kaya su bar sito.