Sabunta babbar manhajar waya: dalilan gazawa, cin wuri da lokacin jinkirtawa

Sabunta babbar manhaja shi ne maye gurbin manhajar da ke tafiyar da na'ura da wata sabuwa, ko dai don toshe kafofin da masu kutse ke bi, ko don ƙara sababbin ayyuka. A wayoyin Android, yawancin matsalolin wurin ajiya da ake fuskanta lokacin sabuntawa suna da nasaba da yadda wayar ke kare kanta daga lalacewa a tsakiyar aikin.

A da, waya takan sauke fayil ɗin sabuntawa, ta kashe kanta, sannan ta rubuta sabuwar manhaja kai tsaye a kan tsohuwar, kuma idan batir ya mutu a wannan lokaci wayar tana iya kasa tashi. Android 7.0, wanda ya fito a 2016, ya zo da tsarin A/B, inda ake ware wa manhaja gurbi biyu, waya tana aiki da ɗaya yayin da ake rubuta sabuwar a ɗayan. Idan sabuwar ta ƙi tashi, sai wayar ta koma tsohon gurbin. Tsarin yana da aminci, amma gurbi na biyu yana riƙe wuri dindindin. Don haka daga Android 11, a 2020, aka yaɗa tsarin Virtual A/B, wanda ke aron wuri na ɗan lokaci daga ɓangaren da mai waya ke ajiye hotuna da bidiyonsa, ya rubuta sauye-sauyen a can, ya kuma mayar da wurin bayan wayar ta tashi lafiya an kammala haɗa sabuwar manhajar.

Wannan aron shi ya sa girman da ake nunawa a allo yake yaudara. A ɗauki misalin waya mai gigabait 64 wadda saura gigabait 3 a cikinta, aka turo mata sabuntawa mai gigabait 2. Mai wayar zai ga kamar wurin ya isa, alhali fayil ɗin a matse yake zuwa, kuma idan an warware shi yana iya fin abin da ya rage. Sai saukewa ta kammala, data ta tafi, sannan a ce babu isasshen wuri. Maganin shi ne a samar da sarari da ya ninka girman fayil ɗin sau biyu ko uku kafin a fara, kuma a wayoyi da yawa bidiyoyin WhatsApp ne suka fi cika ma'ajiyar. Daga Android 11 ana samunsu a nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

Akwai wasu dalilan gazawa da ake gane su ta matakin da aikin ya tsaya. Idan ya tsaya lokacin saukewa, galibi katsewar sabis ce. Idan kuma ya tsaya a matakin tantancewa, ko dai fayil ɗin ya lalace a hanya, ko kuma an taɓa sauya manhajar wayar, domin yawancin sabuntawa bambancin da ke tsakanin tsohuwar manhaja da sabuwa kawai take ɗauke da shi, kuma ba ta zama sai a kan ainihin wadda kamfani ya saka. Wannan yakan shafi wayoyin hannu da aka yi wa filashin a wurin masu gyara. Zafi da saurin shan caji na kwana ɗaya ko biyu bayan sabuntawa ba lallai ne su zama alamar lalacewa ba, domin a lokacin wayar tana sake shirya manhajojin da ke cikinta.

Batun jinkirtawa ya danganta da irin sabuntawar. Ta tsaro, wadda Google ke fitar da bayaninta duk wata, yawanci ƙarama ce kuma ba ta sauya yadda waya ke aiki, saboda haka ba a cika samun hujjar barinta fiye da 'yan kwanaki ba, musamman a wayar da ake hada-hadar banki da ita. Babbar sabuntawa, kamar daga Android 13 zuwa 14, ita ce ta cancanci haƙuri na mako ɗaya ko biyu, domin kamfanoni suna sakinta kashi-kashi, kuma sukan dakatar da ita idan an gano aibi. Ya dace a jinkirta ta idan ana gab da tafiya, ko sana'ar mutum ta dogara da wata manhaja da ba a tabbatar tana aiki da sabon tsarin ba, ko caji bai kai rabi ba kuma babu wuta, ko ba a kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri ba. Komawa tsohuwar manhaja bayan an sabunta yana da wuya, kuma inda ya yiwu, yawanci sai an goge duk abin da ke cikin wayar.