Ciwon damuwa bayan haihuwa da yadda ake gano shi

Ciwon damuwa bayan haihuwa wata rashin lafiya ce da take kama mai jego, ta riƙa jin baƙin ciki da ƙunci kusan kullum, abubuwan da a da suke sa ta nishaɗi su fita daga ranta, har abin ya kai sati biyu ko fiye ba sauƙi. Yawanci yana farawa ne a satuttukan farko zuwa wata uku, amma zai iya zuwa kowane lokaci cikin shekarar farko, wasu ma tun suna da cikin ya fara ba a lura ba. Ana ƙiyasta cewa mace 10 zuwa 15 cikin 100 da suka haihu suna samunsa, kuma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a ƙasashe masu tasowa abin yana kusantar 20 cikin 100.

Abin da yake rikita mutane shi ne akwai wani yanayi mai kama da shi wanda ba ciwo ba ne, Turawa suna ce masa bebi bulus. Wannan kam yana samun fiye da rabin masu jego. Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran jiki da suka yi yawa lokacin goyon ciki, wato estirojin da furojestaron, sai su faɗi ƙasa lokaci guda, ga rashin barci ga ciwon jiki ga nono ya cika, to daga kwana na biyu zuwa na biyar za a ga mace tana kuka ba ta san dalili ba, abu kaɗan ya ɓata mata rai, anjima kuma ka ganta tana dariya da 'yan barka kamar ba ita ba. Wannan hawa da saukar ita ce alamarsa. Tana cin abinci, tana shayarwa, idan an karɓar mata jariri tana samun barci, kuma kafin kwana goma zuwa sati biyu abin ya wuce da kansa ba magani, hutu da lallashi kawai yake buƙata.

A lissafin jego na Hausawa abin yana da sauƙin riƙewa. Kukan da ake gani kafin suna ko 'yan kwanaki bayan suna yawanci bebi bulus ne. Amma wadda aka yi suna aka watse, ana ta tafiya har ana shirin arba'in ita kuma kullum ƙara nutsewa take, wannan ba zancen sabon jego ba ne kuma. Banda tsawon lokaci akwai nauyin abin: ba ta iya barci ko da jaririn yana barci kuma an ba ta dama, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce, komai ya faru laifinta ne, wata ba ta jin komai game da yaron sai ta ɓoye saboda kunya, wata kuma tsoro ne ya cika ta, ta yi ta duba ko yana numfashi. Matan da suka taɓa yin ciwon damuwa a baya, ko suka sha wahalar naƙuda, ko yaron ya koma, ko ba su da mai taya su, ko ake zaman doya da manja da miji, sun fi shiga haɗari.

Gwajin da aka fi amfani da shi a duniya sunansa EPDS, ma'aunin Edinburgh kenan, wanda John Cox da Jenifer Holden da Ruth Sagovsky suka fitar a 1987 a ƙasar Sikotilan. Tambayoyi 10 ne, kowacce da amsa huɗu masu maki 0 zuwa 3, jimilla 30, kuma duk a kan kwana bakwai da suka wuce ake tambaya, ba yadda ta tashi yau kaɗai ba. Ana tambayar ko tana iya dariya kamar da, ko tana ɗokin wani abu, ko tana ɗora wa kanta laifi ba gaira ba dalili, sai fargaba da firgita, da jin abubuwa sun fi ƙarfinta, da rashin barci saboda baƙin ciki, da ƙunci, da kuka, ta goma kuma ita ce ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Hikimar da ke ciki ita ce da gangan aka cire tambayar gajiya da cin abinci da ramewa, don wace mai jego ce ba ta gaji ba? Da an saka su kusan kowa sai ta faɗa ciki.

A ɗauki misali, mace ta kawo jariri rigakafin sati shida, wanda dama lokaci ne mai kyau na yin gwajin tunda bebi bulus ya riga ya wuce. Dariya ta ragu sosai, maki 2, ɗoki 2, ɗora wa kai laifi 2, fargaba 2, firgita 1, abubuwa sun fi ƙarfinta 2, barci 1, ƙunci 2, kuka 1, ta goma 0. An tashi da 15. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce 13 zuwa sama akwai yiwuwar ciwon sosai, 10 zuwa 12 ana sa ido a maimaita bayan kamar sati biyu zuwa huɗu, ƙasa da 10 yawanci ba matsala. To 15 ɗin nan fa ba ta nufin an tabbatar tana da ciwon, ma'anarta kawai a zaunar da ita likita ko nas da ta san aikin ta yi mata cikakkun tambayoyi, a kuma duba jininta, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod, wato 'yar tsokar gaban wuya mai fitar da sinadaran jiki, bayan haihuwa duk suna kawo kasala da mutuwar jiki masu kama da damuwa. Mai haɗa makin ma ya kula, a tambaya ta 1 da 2 da 4 amsar sama, wato ta farko a jerin amsoshin, ita ce sifili, a sauran kuwa amsar sama ita ce 3, nan ake yawan yin kuskure.

Inda gwajin ya fi samun cikas ba a takardar ba ne, a ɗakin ne. An tsara shi mace ta cike da kanta, amma idan ba ta karatu dole a karanta mata, idan kuwa uwar miji ko gwaggo tana zaune a gefe ga layi a baya, amsar da za a samu "lafiya lau, alhamdulillahi" ce, musamman ga mai haihuwar fari da ake so ta nuna kawaici. Shi ya sa maki kaɗan daga macen da ido ya nuna ba ta da lafiya ba abin yarda ba ne, a keɓe ta a sake. Inda ba lokaci akwai gajeriyar hanya ta tambaya biyu da ake amfani da ita a Birtaniya: a watan da ya wuce kin sha jin ƙunci ko yanke ƙauna? Kin sha jin ba kya sha'awar yin komai? In ta ce e ga ko ɗaya sai a yi cikakken gwajin.

Tambaya ta goma ita ba a jiran jimilla, ko maki 1 aka samu a kanta, ko da duka makin 5 ne, a ranar ake zama da ita a ji yadda tunanin yake, kuma ba a barinta ta tafi ba tsari. Ciwon yana jin magani, mai sauƙi ana farawa da zaman tattaunawa da ƙwararre da rage mata ɗawainiya a gida, mai nauyi a haɗa da ƙwaya irin satiralin wadda ake ba masu shayarwa, sai dai tana ɗaukar sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinta. Akwai kuma wani ciwo na uku, taɓin hankali bayan haihuwa, da gwajin nan ba don shi aka yi ba, yana kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000, yawanci cikin sati biyun farko, ta rikice ta daina barci kwata-kwata, tana jin muryoyi ko tana faɗin abin da ba shi. A gidaje da yawa aljanu ake fara zargi, alhali wannan asibiti ake kai shi a ranar, kuma kafin a isa ba a barinta ita kaɗai da jaririn.